Ƙarin Albashi: Yadda Kaso Ke Hawa Kan Kaso, da Abin da Jira Ke Cinyewa

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi a Najeriya daga naira 30,000 zuwa naira 70,000, wato ƙarin kashi 133 cikin ɗari. Adadin yana da girma a kunne, amma ba a daɗe ba ma'aikata suka koma kukan cewa albashi ba ya kai su ƙarshen wata. Tsadar kaya ce dalili na farko da kowa ke ambata. Akwai na biyu da ba a cika duba shi ba: farashi yana hawa kowace shekara, wani ƙari a kan wani, albashi kuwa yana tsaye cak har sai an yi shekaru ana ja-in-ja da ƙungiyoyin ƙwadago.

Lissafin ƙarin da kansa ba shi da wuya. A ce ma'aikaciya tana karɓar naira 150,000 a wata, aka yi mata ƙarin kashi 12 cikin ɗari. Za ta ninka 150,000 da 12, ta raba da 100, ta sami naira 18,000. Sabon albashinta ya zama naira 168,000. Hanya mafi gajarta ita ce ta ninka tsohon albashin da 1.12 kai tsaye. Idan kuma sabon adadi aka faɗa mata, tana son sanin kashi nawa aka ƙara, sai ta cire tsohon daga sabon, ta raba abin da ya rage da tsohon albashin, ta ninka da 100. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne rabawa da sabon albashi, wanda zai ba ta kashi 10.7 a maimakon 12.

Abin da ke jawo ɓacin rai ranar da kuɗi suka shiga banki shi ne rashin tambayar kashi 12 na mene ne. Albashi yakan kasu zuwa ainihin albashi da alawus na gida, na sufuri da sauransu. Idan ainihin albashin wannan ma'aikaciya naira 60,000 ne, kuma a kansa kaɗai aka yi ƙarin, naira 7,200 za ta samu, wato kashi 4.8 kacal na jimlar abin da take karɓa. Daga nan kuma a cire kashi 8 na fansho kamar yadda dokar 2014 ta tanada, a cire haraji. Takardar albashin wata biyu, na kafin ƙari da na bayansa, su ne ke nuna gaskiyar lamarin idan aka jera su layi-layi.

Inda lissafin ke ba da mamaki shi ne idan ƙarin yana maimaituwa kowace shekara. Wanda ke karɓar naira 150,000 kuma ake ƙara masa kashi 10 duk shekara, zai koma 165,000 bayan shekara ɗaya. Ƙarin shekara ta biyu a kan 165,000 za a lissafa shi, don haka naira 16,500 ne, albashi ya zama 181,500. Sai 199,650, sai 219,615, a shekara ta biyar ya kai kimanin 241,600. Wanda ya tara goma sau biyar zai ce kashi 50 aka ƙara, ya sa ran naira 225,000, alhali ƙarin ya kai kashi 61. Akwai dabarar da masu lissafin kuɗi ke amfani da ita don ƙiyasi da ka: a raba 72 da kason shekara, a sami shekarun da adadi zai ninka kansa. Da kashi 10, albashi yana ninkuwa cikin kimanin shekara bakwai. Da kashi 4, sai an jira shekara 18.

Wannan ƙa'ida ita ce kuma ke aiki a kasuwa, kuma a shekarun nan ta fi gudu a can. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi tana wajen kashi 11 a 2019, ta yi ta hawa har ta zarce kashi 34 a tsakiyar 2024, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira. Idan aka ɗora hauhawar waɗannan shekaru biyar ɗaya kan ɗaya, farashi ya ninka fiye da sau biyu da rabi. Albashin da ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 kuwa sau biyu da sulusi ya ninka. Kenan sai da sama da naira 75,000 ake iya sayen abin da naira 30,000 ke saya a 2019. Ƙarin da ya yi kama da tsalle, ko tsohon matsayi bai mayar da ma'aikaci ba.

Akwai asara ta biyu, wadda jira ya haifar. Da a ce an rarraba wannan ƙari a kan shekarun biyar, kashi 18.5 a kowace shekara ya isa ya kai 30,000 zuwa 70,000. Ma'aikacin zai karɓi kimanin 35,550 a shekara ta biyu, 42,100 a ta uku, 49,900 a ta huɗu, 59,200 a ta biyar. Idan aka tara bambancin da ke tsakanin waɗannan da naira 30,000 da ya ci gaba da karɓa, wata-wata, ya kai kimanin naira 800,000. Hanyoyin biyu wuri ɗaya suka ƙare, amma a ɗaya ma'aikaci ya cike giɓin da bashin mai kanti da na adashi.

Me ya sa aka fi son ƙarin lokaci ɗaya? Ta ɓangaren gwamnati, albashi doka ce da kasafi, kuma jihohi ba ƙarfinsu ɗaya ba, don haka ba a motsawa sai ƙungiyoyi irin su NLC da TUC sun yi barazanar yajin aiki. Babban adadi kuma ya fi daɗin sanarwa. Ta ɓangaren kamfanoni, sun san cewa duk kason da ya shiga albashi ya zama tushen da za a lissafa ƙarin baɗi a kansa, ya kuma ɗaga kashi 10 da suke zubawa a fanshon ma'aikaci. Shi ya sa da yawa suka fi son bayar da ihsanin ƙarshen shekara. Naira 180,000 a dunƙule daidai take da ƙarin 15,000 a wata na shekara guda, amma ihsanin yana ƙarewa da shekararsa, ƙarin kuwa yana nan yana haihuwa.

Ƙarin shekara-shekara ma yana da tasa illar. Kaso ɗaya ga kowa yana faɗaɗa tazara: kashi 10 naira 7,000 ne ga mai 70,000, naira 70,000 ga mai 700,000, kuma tazarar tana ƙaruwa duk shekara. Wannan ne ya sa a gyaran albashin 2019 aka ba mataki na 7 kashi 23.2, aka ba matakai na 15 zuwa 17 kashi 14. Sannan ƙaramin kamfanin da cinikinsa ba ya ƙaruwa da irin wannan sauri yana iya komawa rage ma'aikata.

Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku. Hakan ya rage asarar jira, bai kawar da ita ba. Idan farashi na hawa da kashi 20 a shekara, albashin da ya tsaya shekara uku yana rasa sama da kashi 40 na abin da yake iya saya kafin a sake zama a teburin sulhu.