Me ya sa gwal ke fitowa kamar roba a hoton ƙirƙirarriyar basira, kuma yaya za ka gyara umarninka?

Idan kana bibiyar masu sayar da kayan lefe a WhatsApp, daga Dandamisa da Makarfi zuwa Ikara da Kudan, da waɗanda suke saro musu kaya a Zariya da Kano, za ka lura yanzu wasu hotunan talla ba kyamara ce ta ɗauke su ba. Rubutu ake yi wa manhajar ƙirƙirar hoto, irin su Midjourney ko Stable Diffusion, ita kuma ta zano zobe ko sarƙa. Wannan rubutun shi ake kira `prompt`, wato umarni. Matsalar ita ce sau da yawa gwal ɗin yana fitowa kamar robar da aka shafa wa fenti, dutsen zoben kuma yana fesar da taurari kamar katin biki. Mai saye da ta san gwal tana gani za ta ja baya. Dalilin hakan yana cikin yadda haske ke aiki, kuma idan ka gane shi, umarninka zai sauya gaba ɗaya.

Gwal madubi ne

Ɗauki cokalin ƙarfe mai sheƙi ka juya bayansa. Abin da kake gani fuskarka ce, da taga, da rufin ɗaki, duk sun lanƙwashe. Ƙarfen da aka goge ba ya watsa haske ko'ina kamar yadda takarda ko atamfa ke yi. Mayar da shi yake ta kusurwar da ya shigo, tamkar madubi. Gwal ma haka ne, sai dai madubi ne mai launi. Yana mayar da kusan dukkan jan haske da rawaya, amma yana shanye kaso mai yawa na shuɗi, wato hasken da tsawon zangonsa ya gaza kusan nanomita 500. Abin da ya rage ya dawo idonka shi ne wannan launin da muka sani.

To ka ga, wanda ya ɗauki hoton zobe, a zahiri hoton ɗakin ya ɗauka a jikin zoben. Idan akwai babban farin haske a gefe guda da wuri mai duhu a ɗaya gefen, ido zai ga haske yana sulalewa daga fari zuwa rawaya zuwa duhu, nan take ƙwaƙwalwa ta ce wannan ƙarfe ne. Idan ko'ina haske ɗaya ne, babu duhu, sai zoben ya zama rawaya ɗaya shafal, kuma haka roba take. Shi ya sa masu ɗaukar hoton kayan ado ke ajiye baƙin kwali kusa da zobe da gangan, don ya bar siririn layin duhu a gefensa.

Manhajar ƙirƙirar hoto ba ta lissafin haske. Ta koyi alaƙar da ke tsakanin hotuna masu ɗimbin yawa da bayanan da aka rubuta a kansu. Idan ka rubuta mata `shiny gold`, za ta kawo maka gamin-gambizar duk abin da aka taɓa kira haka, har da kofin gasa da takardar naɗe kyauta. Idan kuwa ka yi amfani da kalmomin masu ɗaukar hoto, ka faɗi irin fitila da inda take, sai ta karkata ga hotunan da aka ɗauka a irin wannan yanayi. Ka'idar kenan: ka bayyana abin da gwal ɗin ke gani, ƙyallin zai zo da kansa.

Dutse kuma abin da yake so daban ne

Walƙiyar dutse daga ciki take fitowa. Haske yana rage gudu idan ya shiga daimon, har kusan ninki 2.42 idan aka kwatanta da gudunsa a sarari. Saboda haka, hasken da ya bugi fuskar dutsen daga ciki ba ya iya fita sai in ya zo kusan a miƙe, bai karkace fiye da digiri 24 ba. A gilashi wannan iyakar ta kai kusan digiri 42, shi ya sa haske ke zurarewa ta ƙasansa cikin sauƙi. A daimon kuwa sai ya yi ta karo da fuskokin da aka yanka, daga ƙarshe ya dawo ta sama. A kan hanyar kuma launuka na rabuwa kaɗan, shi ne ɗan ja da shuɗin da kake hangowa idan aka juya zobe. Farin dutsen da ke kan yawancin zobba masu sauƙin kuɗi zikoniya ne da ake haɗawa a masana'anta, kuma shi ya ma fi daimon raba launuka.

Ga inda rikicin yake. Wannan rabuwar launi ta fi bayyana a ƙarƙashin ƙaramin haske mai kaifi, kamar rana ko tocila. Babban haske mai laushi, wanda gwal ke so, yana cakuɗa launukan su koma fari, dutsen ya yi kamar madara. Ƙaramin haske shi kaɗai kuma yana ƙona gwal da fararen ɗigo. Don haka umarni mai kyau yana buƙatar fitila biyu, babba saboda gwal, ƙarama saboda dutse.

Mu gwada da zobe ɗaya

A ce kina da zobe mai karat 21, da farin dutse guda a sama wanda ƙafafu huɗu suka riƙe. Umarnin da yawancin mutane ke fara rubutawa shi ne:

```
shiny gold ring, sparkling diamond, luxury, 8k
```

Babu ko kalma ɗaya game da haske a nan. Kalmar `sparkling` ce ke jawo taurarin nan masu tsini huɗu. Yanzu dubi wannan:

```
macro photo of a polished 21k yellow gold ring,
one round white stone held by four prongs,
large softbox from upper left, black card on the right
leaving a thin dark edge on the band,
one small point light for fire in the facets,
matte grey surface, soft contact shadow,
100mm macro lens, focus stacked
```

Layin farko ya faɗi karat, kuma wannan yana da tasiri a launi. Karat 24 gwal ne zalla. Karat 21 kashi 87.5 cikin ɗari ne, shi ya sa ake buga masa 875, karat 18 kuma kashi 75, tambarinsa 750. Sauran azurfa ce da jan ƙarfe da makamantansu, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon yadda rawayar ke sassautawa. Idan ba ki faɗa ba, manhajar na iya kawo launin da ya fi na kayanki kauri ko kodewa.

Layi na biyu ya ƙirga abubuwa, dutse ɗaya, ƙafafu huɗu. Na uku da na huɗu su ne ɗakin da gwal ɗin zai gani, babban haske mai laushi daga sama ta hagu, baƙin kwali ta dama. Na biyar shi ne ƙaramar fitilar dutse, kuma `fire` ita ce kalmar da masu harkar duwatsu ke kiran wannan rabuwar launi da ita. Na shida ya zaɓi shimfiɗa mai launin toka marar sheƙi. Dalili kuwa, duk launin da ke ƙasa zai hau jikin zoben: jan karammiski zai mayar da shi kamar tagulla, shimfiɗa mai sheƙi kuma za ta tilasta wa manhajar zana zobe na biyu a ƙasa, wanda sau da yawa ba ya dacewa da na sama.

Layin ƙarshe na maganar kusanci ne. Idan kyamara ta matso har girman abu a cikinta ya kai girmansa na zahiri, kaurin wurin da ke fitowa tangaran bai wuce milimita ɗaya da ɗoriya ba ko da an tsuke ƙofar haske zuwa f/11. Zobe kuwa faɗinsa kusan santimita biyu ne. Masu sana'ar sukan ɗauki hotuna da yawa, kowanne da inda ya saita, sannan su haɗe su a kwamfuta. Abin da `focus stacked` ke nufi kenan. Idan kika bar `macro` ita kaɗai, yawanci dutsen ne zai fito, bayan zoben ya dushe.

Abubuwan da ba ki so kuma suna da wurinsu. A Stable Diffusion akwai akwatin `negative prompt`, a Midjourney kuma ana ƙarawa a ƙarshen umarni:

```
--no star sparkles, lens flare, glitter, text
```

Ya fi kyau a sa su a nan, domin idan kika rubuta a cikin babban umarni cewa ba ki son taurari, ambaton kalmar kaɗai kan jawo su.

Yadda za ka gane hoton ya lalace

Ka buɗe hoton ka faɗaɗa shi. Fara da ƙirga: ƙafafun dutsen huɗu ne, ko sun zama biyar? Idan sarƙa ce, bi zaren da ido, za ka ga inda zobba biyu suka narke suka zama ɗaya. Idan 'yan kunne ne, kwatanta na hagu da na dama. Sannan ka duba haske: idan farin sheƙin yana hagu, inuwa ta faɗi dama. In ka ga duka a gefe ɗaya, hoton ya yi ƙarya. Dubi fuskokin dutsen kuma, a dutse na gaske layukansu a miƙe suke, suna haɗuwa a tsini, wasu fari wasu duhu. Idan sun lanƙwashe ko sun yi kamar ƙanƙarar da ta fara narkewa, sake gwadawa. Kuma idan za ka gyara umarni, sauya abu ɗaya kawai a kowane zagaye, don ka san abin da ya yi aiki.

Iyakar abin

Duk kyan umarni, zoben da manhaja ta zana ba shi ne wanda ke cikin akwatinki ba. Ba ta san nauyinsa ba, ba ta ga zanen jikinsa ba, tambarin 875 ma takan ƙirƙiro shi ko ta rikita lambobin. Gwal kuwa da giram ake sayensa, mata da yawa kuma ajiya ce suke yi da shi don ranar buƙata. Wadda ta tura kuɗi saboda hoto, aka kawo mata abin da ya fi siranta, an cuce ta, kuma a gari irin Makarfi ko Kudan labari ba ya kwana.

Saboda haka irin wannan hoton ya dace da allon talla ko nuna samfurin da za a kai wa maƙeri, a kuma faɗa a fili cewa zane ne. Kayan da za a sayar kuwa a ɗauke shi da waya, kuma darasin bai sauya ba. Ki zauna kusa da taga, ki rataya farin mayafi marar kauri ya tace rana, ki tsayar da baƙin kwali a ɗaya gefen, wani ya haska dutsen da tocila daga ɗan nesa. Ki goge zoben tukuna, domin a wannan kusancin zanen yatsa da ƙurar hunturu duk suna fitowa. Sai ki rubuta karat da giram a ƙasan hoton.