Idan aka ce takardunka sun fi ƙarfin aikin

A Najeriya ba sabon abu ba ne mai digiri na biyu ya nemi kujerar akawu da aka tallata wa masu difiloma, jami'in ɗaukar ma'aikata ya ce masa: "Malam, ai ka wuce wannan aiki." Da yawa sukan ɗauki maganar a matsayin sallama, su yi godiya su tashi. Gaggawa ce.

Jami'in ba yabo yake yi ba, tsoro yake bayyanawa. Yana gudun a horar da mutum, bayan wata shida ya samu wuri mai maiƙo ya tafi, ko ya raina albashin, ko ya ƙi bin umarnin shugaban da bai kai shi karatu ba. Don haka amsar farko tambaya ce cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, wane ɓangare ne ke ba ku shakku?"

A ce tsohon manajan banki ne ke neman riƙe asusun makaranta mai zaman kanta a Kano, aka nuna masa albashi ne matsalar. Sai ya faɗi cewa ya ga adadin kuma ya amince, ya kawo dalilin da za a iya tabbatarwa: iyalinsa na Kano, ya gaji da canjin gari, a shirye yake ya sa hannu kan yarjejeniyar shekara 2. Cewa "ko mene ne zan yi" kuwa ƙara wa jami'in zargi take, domin ta nuna matsuwa ce ta kawo shi. Ɓoye digiri ma kasada ce, tunda bayanan ƙarya na iya jawo kora ranar da aka gano.