Iskar da ke Tsare Matakalar Bene Ranar Gobara

Da safiyar 21 ga Nuwamba, 1980, wuta ta tashi a wani ɗakin cin abinci da ke ƙasan otal ɗin MGM Grand a birnin Las Vegas na Amurka. Mutum 85 suka rasu. Abin da ya girgiza masana shi ne, mafi yawan mamatan ba su ga harshen wutar da idonsu ba. Suna can benayen sama, nesa da inda ake ci, hayaƙi ne ya bi ramukan lif da matakalu ya same su. Hanyar da aka gina domin tsira ita ta zama bututun hayaƙi.

Maganin da injiniyoyi ke amfani da shi a dogayen gine-gine yana da sauƙin faɗa. A sa babbar fanka ta riƙa tura iskar waje cikin ramin matakala, har iskar ciki ta ɗan fi ta sauran ginin matsi. Iska kullum daga inda ta matsu take gudu zuwa inda ta sake, don haka duk wata kafa da ke jikin ƙofa, iska mai tsabta ce za ta fita ta cikinta, hayaƙi ba zai samu shiga ba.

Matsin da ake nema ɗan kaɗan ne. Ƙa'idar Turai mai suna EN 12101-6, wadda ta fito a 2005, ta sa faskal 50 idan duk ƙofofi suna rufe. Wannan daidai yake da nauyin kilo 5 a shimfiɗe kan murabba'in mita ɗaya. Mutum ba zai ji shi a jikinsa ba, sai dai ya ji ƙofa ta ɗan yi nauyi, ya kuma ji iska na feɗuwa ta ƙarƙashinta. Ƙa'idar Amurka, NFPA 92, ta yarda da faskal 12.5 a ginin da ke da bututun yayyafa ruwa. Turawa sun sabunta tasu a 2022, alƙaluman sun ɗan sauya, amma hanyar lissafin tana nan yadda take.

A ɗauki gini mai hawa 12, kowane hawa da ƙofa ɗaya mai shiga matakala, sannan ƙofar fita waje a ƙasa. Kowace ƙofa faɗinta mita 0.9, tsayinta mita 2.1, wato girmanta kusan murabba'in mita 1.9. Lissafin gaba ɗaya a kan layi ɗaya yake tafiya:

```
Q = 0.83 × A × √P
```

Q shi ne yawan iskar da ke wucewa, kubik mita nawa a daƙiƙa. A shi ne girman kafar. P shi ne bambancin matsi, alamar da ke gabansa kuwa tana nufin lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da P. Ta faskal 50 ita ce 7.07, ta faskal 10 kuma 3.16.

Rufaffiyar ƙofa ma tana yoyo ta gefuna da ƙasa. Ga ƙofa mai marfi ɗaya da ke buɗewa zuwa cikin matakala, ana ɗaukar jimillar kafofinta a matsayin murabba'in mita 0.01, domin iskar tana daɗa danna ta jikin gimshiƙinta. Wadda ke buɗewa waje, iskar tura ta take yi, sai a ba ta 0.02. Ƙofofi 12 da ta ƙasa sun ba da 0.14. In an ninka 0.83 da 0.14 da 7.07, za a samu kubik mita 0.82 a daƙiƙa. Gini kuwa ba ya rasa tsagar bango ko ramin waya da magini ya manta bai toshe ba, shi ya sa ake ƙara kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari. A ce 1.2 ke nan. Fanka matsakaiciya ta wadatar.

Sai dai ba a gina matakala don ta zauna a rufe ba. Da ƙararrawa ta buga, mutane za su fara tururuwa, ƙofar hawan da ke ci za ta buɗe, ta ƙasa ma haka, wani lokaci wani ya tsaya ya riƙe ta don na baya su wuce. Kafar da take 0.01 ta koma 1.9, ta ninku sau 190. A nan faskal 50 ya tafi, kuma babu fankar hankali da za ta dawo da shi: ƙofa ɗaya a buɗe za ta sha sama da kubik mita 11 a daƙiƙa kafin a riƙe wannan matsi.

Saboda haka idan ƙofa ta buɗe, ma'auni ya canja. Maimakon matsi, saurin iska ake dubawa. Ana so iska ta riƙa fita daga matakala zuwa hawan da ke ci da gudun da zai kora hayaƙi baya. Ƙa'idar 2005 ta sa mita 0.75 a daƙiƙa ga matakalar tserewa, mita 2 kuma ga wadda 'yan kwana-kwana za su yi aiki daga cikinta, domin su sai wuta ta girma suke zuwa, kuma mesarsu ba ta barin ƙofa ta rufu. A ginin namu, 1.9 sau 0.75 ya ba da kubik mita 1.43.

Ga wurin da zane da yawa ke faɗuwa. Iskar nan da ta shiga hawan, ina za ta? In babu mafita, cikin ɗan lokaci matsin hawan zai yi daidai da na matakala, iska ta tsaya cik a bakin ƙofa, hayaƙi mai zafi ya lallaɓo ta saman ƙofar ya shiga. Kamar mai ɗura ruwa ne a tulun da ya riga ya cika. Dole a bar wa iskar hanya a kowane hawa, ko taga mai buɗe kanta, ko bututu mai marfi da ke buɗewa a hawan da ke ci kaɗai. Ana auna girmanta yadda iska za ta fita da gudun mita 2.5 a daƙiƙa, wato 1.43 a raba da 2.5, kusan murabba'in mita 0.57. Tura iska ta wannan taga yana cin faskal 9, ratsa buɗaɗɗiyar ƙofa kuma kusan faskal 1. Ke nan sai matakala ta riƙe faskal 10 kafin a samu gudun da ake so.

Yanzu a buɗe ƙofar ƙasa, wadda ke kallon fili. Babu abin da ke tare iska a bayanta. A faskal 10, lissafi ya ce 0.83 sau 1.9 sau 3.16, kubik mita 5 a daƙiƙa. Wannan ƙofa ɗaya ta fi komai shan iska a ginin, kuma iskar ba hayaƙi take kora ba, asara ce da ba makawa. Sauran ƙofofi 11 da ke rufe, duka-duka 0.3 suke sha. A haɗa: 1.43 da 5 da 0.3 sun kama 6.7. A ƙara kashi 15 na yoyon bututun iska, an tashi da 7.7. Fankar da ginin ke bukata ta ninka ta lissafin farko fiye da sau shida, kuma da mai zane zai ce ƙofofi uku ne za su buɗe, da ta ƙara girma. Shi ya sa tambayar ƙofa nawa za su kasance a buɗe lokaci guda ba ta injiniya kaɗai ba ce. Ta danganta da yadda za a kwashe mutane, ko gaba ɗaya, ko hawa-hawa, da kuma ko masu barci ne kamar a otal, waɗanda ke fitowa a warwatse.

Babbar fanka tana zuwa da nata haɗarin, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi tayar da hankali. Mutane sun wuce, ƙofofi sun koma sun rufe, fanka na ci gaba da tura kubik mita 7.7 cikin ramin da ke zubar da 1.2 kawai. Matsi zai haura ɗaruruwan faskal. Ƙofofin hawa kuma cikin matakala suke buɗewa, wato mai gudu da iskar yake kokawa. A faskal 50, iska na danna ƙofar da ƙarfin niyuton 95, wanda ɗan fiye da rabinsa, kusan 52, ke faɗawa kan mariƙi, sauran a kan hinji. In na'urar da ke mayar da ƙofa ta ƙara 35, an kai 87. Iyakar da ƙa'idar Turai ta sa niyuton 100 ne, kamar ɗaga kilo 10, ta Amurka 133. Da matsi ya wuce faskal 63, wannan ƙofa ta tsallake iyaka. A faskal 200, sai mutum ya yi turin kusan kilo 25 da hannu ɗaya. Tsohuwa ko yaro ɗan shekara bakwai ba za su iya ba, ga hayaƙi a bayansu.

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko, marfi mai nauyi ko sifirin a saman matakala, wanda matsin iska da kansa ke turawa ya buɗe idan ya wuce kima. Rarar iskar ginin namu 6.5 ce, kuma don ta fita a faskal 50 ana bukatar kafa mai murabba'in mita 1.1. Ta biyu, na'urar auna matsi da ke rage gudun fanka ko ƙara shi. Ƙa'idar 2005 ta ba da daƙiƙa 3 kacal tsarin ya daidaita bayan an buɗe ko an rufe ƙofa. Babbar fanka ba ta rage gudu nan take, shi ya sa injiniyoyi da yawa ke haɗa biyun. Marfin ya fi abin dogaro, tun da ba ya jiran lantarki.

Tsayin gini ma yana cin wannan ɗan tazara da ke tsakanin 50 da 63. A watan Afrilu a Kano ko Yamai, waje na iya kai digiri 40, ofisoshi kuma an sanyaya su zuwa 24. Fanka ta cika matakala da iskar waje mai zafi, wadda ta fi ta ofis rashin nauyi. Bambancin na ƙara kusan faskal 0.6 a kowace mita, wato faskal 24 a gini mai mita 40. Ƙofofin sama su yi tauri, na ƙasa matsinsu ya gaza. Don haka, da kuma don kada ƙofar da ke kusa da fanka ta shanye iskar, ba a hura ta daga wuri guda a dogon gini. Ana jan bututu a buɗe masa baki aƙalla kowane hawa uku.

Bakin da fanka ke zuƙo iska kuwa, gara a sa shi ƙasa, nesa da inda hayaƙi ke fita. In a rufi yake, sai an sa masa na'urar jin hayaƙi da za ta rufe shi, in ba haka ba fankar da kanta za ta cika matakala da guba. Wutar fankar ma sai ta kasance da layin janareta na daban da wayar da ke jure zafi, abin da mai gini a Najeriya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Gwajin ba ya bukatar kaya masu yawa. A kunna fanka, a rufe ƙofofi, a zura siririyar roba ta ƙarƙashin ƙofa a karanta matsi hawa-hawa. A maƙala sikelin ƙugiya a mariƙi a ga ƙarfin buɗewa. Sannan a buɗe ƙofofin da zane ya ce, a auna gudun iska a wurare da dama a bakin ƙofar, a ɗauki matsakaici. In matsi ya yi ƙasa ko'ina alhali ƙofofi na rufe, akwai ɓoyayyar kafa, ko marfin sama ya maƙale a buɗe. In matsi ya yi daidai amma iska ba ta motsi a buɗaɗɗiyar ƙofa, tagar fitar iska ce ba ta buɗe ba. In kuma ƙofar wani hawa ba ta rufuwa gaba ɗaya, a duba ƙasa tukuna: sau da yawa guntun katako ne ko tukunyar kashe gobara wani ya tokare ta da ita don shan iska, ya ƙara wa lissafin kafa mai murabba'in mita 1.9 da mai zane bai sa ba.