Minti Goma a Waya Ya Fi "Sai Na Ji Daga Gare Ku"

Ɗan yayata tela ne a Zariya. Yana da keken ɗinki huɗu da yara uku da ke aiki a ƙarƙashinsa, kuma duk wanda ya taɓa sa ɗinkinsa ya san hannunsa na da kyau. Wani hutun ƙarshen shekarar karatu ya zo mini ransa a ɓace. Ya tura wa masu makarantun kuɗi saƙo yana neman kwangilar ɗinkin yunifom kafin a koma makaranta a watan Satumba, amma ko mutum ɗaya bai neme shi ba. Na ce ya nuna mini abin da ya rubuta. Ya miƙo wayar, ga abin da ya tura wa wata Hajiya mai makarantar firamare:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Muna ɗinka yunifom da kayan wasanni da hijabai da labule. Za ku iya duba hotunan aikinmu, ko ku ziyarci shagonmu, ko ku kira mu duk lokacin da kuka samu dama. Idan da wata hanya da za mu yi aiki tare muna maraba. Sai mun ji daga gare ku."

A ƙasa ga amsarta: "To madalla, Allah ya taimaka."

Saƙon ba shi da laifi ta fuskar ladabi. Amma mai karatu ya sa kansa a kujerar Hajiyar. Tana ofis, malamai na jiran albashi, wani uba na tsaye a bakin ƙofa da ƙorafi, sai ga wannan saƙo. Me ake so ta yi? An jera mata hanya uku, ta duba hoto, ta je shago, ko ta kira, ba a ce ga wadda za ta fara da ita ba. An ce duk lokacin da ta samu dama, alhali mai irin aikinta ba ranar da dama ke zuwa da kanta. Sannan an ɗora mata aikin gano yadda za a yi aiki tare, aikin da na mai nema ne. Abin da ya rage mata mai sauƙi shi ne addu'a, ita kuwa ta yi.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mun san wannan sarai a sauran harkokinmu. Idan ka haɗu da tsohon abokinka a kasuwa ya ce "ka leƙo mu gaisa wata rana", ku duka kun san gaisuwa ce kawai, ba wanda zai shimfiɗa tabarma yana jira. Amma katin ɗaurin aure fa? Ranar Asabar kaza ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe, a masallacin unguwa kaza. Abu ɗaya aka nema, an faɗi rana da lokaci da wuri, shi ya sa masallaci ke cika. Sai mun zo neman ciniki ko aiki ko taimakon wani babba, kunya ta kama mu, mu koma salon "wata rana". Muna jin kamar faɗin buƙata kai tsaye rashin ta ido ne. A ganina akasin haka ne: wanda ya taƙaita maka abin da yake so ya raga maka, wanda ya bar ka kana lalube shi ne ya ɗora maka nauyi.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan tun da daɗewa. A shekarar 1965, Howard Leventhal da abokan aikinsa a Jami'ar Yale ta Amurka sun ba ɗalibai bayani kan haɗarin cutar sarƙe haƙora da muhimmancin allurar rigakafinta, wadda ake yi kyauta a asibitin jami'ar. Wasu an bar su da bayanin kawai. Wasu kuma an ƙara musu taswirar harabar jami'ar da aka yi wa asibitin alama, aka faɗa musu lokutan da ake allurar, aka ce kowa ya duba jadawalinsa ya tsayar da lokacin da zai je. A rukunin farko kimanin kashi 3 cikin 100 ne suka je. A na biyu kimanin kashi 28 cikin 100. Ɗaliban da aka yi gwajin da su ba su da yawa, don haka ban ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin ma'aunin da zai yi daidai da kowace harka ba. Abin lura a nan shi ne ɗaliban nan sun daɗe a jami'ar, sun san inda asibitin yake. Taswirar ba ta koya musu hanya ba. Abin da ta yi shi ne mayar da "ya kamata in je" zuwa "ranar kaza, bayan darasin kaza, zan bi ta can".

Muka zauna da ɗan nawa muka sake saƙon. Tambayar farko da na yi masa ita ce: mene ne mataki mafi ƙanƙanta da idan Hajiya ta ɗauka, maganar ta motsa? Ya ce kwangilar yake so. Na ce kwangila ƙarshen tafiya ce, ba mai ba baƙo ɗinkin yara ɗari biyu daga saƙo ɗaya. Ya yi shiru, can ya ce shi kam ba zai ma iya yanke farashi ba sai ya san yawan yaran, da irin yadin da suke amfani da shi, da ranar da ake buƙatar kayan. To ai ga abin nema nan. Tambayoyi uku ne, kuma minti goma a waya ya ishe su. Ga abin da ya tura:

"Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe. Ni ne telan da ya turo saƙo kwanaki. Ina so in kawo miki farashin yunifom na sabuwar shekarar karatu ki gwada da na wanda kuke ba wa. Don in yi lissafi daidai, zan so in kira ki na minti goma in tambayi yawan yara, da irin yadi, da ranar da kuke buƙata. Ranar Talata ƙarfe goma na safe ta yi, ko Laraba bayan La'asar? Idan kun riga kun ba da aikin bana, ki faɗa mini ba komai."

Labule da kayan wasanni duk sun fita. Ya so ya bar su, yana cewa ai ba a san inda rana za ta faɗi ba, amma kowane ƙarin abu a saƙo ƙofa ce da hankalin mai karatu zai fice ta ciki. Akwai lokaci biyu a saƙon, sai dai buƙatar ɗaya ce. Bambancin yana da muhimmanci: "ki duba hoto ko ki zo shago ko ki kira" ayyuka uku ne mabambanta da sai an auna su, "Talata ko Laraba" kuwa aiki ɗaya ne da ake amsawa da kalma ɗaya. Sannan shi ne zai kira, katinsa ne zai ƙone, ita ɗauka kawai za ta yi. An faɗi tsawon kiran, domin abin da ke hana mai hidima ɗaukar wayar baƙo shi ne tsoron ba a san yaushe za a gama ba. An kuma faɗi abin da za a tambaya, don ta san ba roƙo ne ya ɓuya a bayan kiran ba.

Jimlar ƙarshe ita ce na fi dagewa a kanta. Mutanenmu ba su cika son cewa a'a ɓaro-ɓaro ba. Idan ba ka buɗe wa mutum ƙofar ƙi cikin mutunci ba, zai ba ka "za mu duba" ko "in sha Allahu zan neme ka", kai kuma ka yi wata guda kana rataye. "Mun riga mun bayar" amsa ce mai amfani, ta sallame ka ka nufi wata makarantar tun lokaci bai ƙure ba.

Kada a ɗauka kiran waya ne maganin komai. Kira na da amfani ne idan akwai abin da sai an yi tambaya an ji amsa kafin a ci gaba, kamar lissafin ɗinkin nan. Mai sayar da buhun shinkafa da farashinta sananne ne ba ya buƙatar minti goman kowa, abin da zai nema shi ne "in kawo buhu nawa ranar Alhamis?" Wanda bai tabbata ya dace da mai yanke hukunci ba, buƙatarsa ɗaya ita ce "wa ke kula da sayen kaya a wurinku?" Idan kuma tazarar girma ta yi yawa, matashi mai neman shawarar wani babban malami da bai san shi ba, ko kiran ma na iya yin nauyi, gara tambaya ɗaya a rubuce da za a amsa a layi biyu. Lokacin da aka zaɓa ma na iya ɓata komai. Wanda ya ce zai kira ranar Juma'a ƙarfe ɗaya da rabi ya nuna bai yi tunanin wanda yake nema ba.

Gane saƙon da bai yi ba abu ne mai sauƙi. Kafin ka tura, ba wani na kusa ya karanta sau ɗaya, ka karɓe wayar, ka tambaye shi me ake so mai karɓa ya yi kuma yaushe. Idan ya tsaya inda-inda, wanda za ka tura wa ma haka zai yi. Bayan ka tura kuma amsar ce za ta nuna maka. Addu'a zalla, ko hoton babban yatsa, alama ce cewa ba ka tambayi komai ba. Idan shiru ne, a jira kwana uku ko huɗu a sake tuntuɓa sau ɗaya, da buƙatar nan dai amma da sabbin ranaku. Tarin sabbin tayi a saƙo na biyu na mayar da mutum gidan jiya.

Hajiya ta amsa da daddare: "Laraba." Na ce masa ya rubuta tambayoyinsa uku a takarda, ya kuma ajiye agogo a gabansa, domin wanda ya ce minti goma ya ci ashirin ya karya alkawarinsa na farko tun ba a fara ciniki ba. Na zauna a shagon ranar, yaran sun tsayar da kekuna don kada ƙara ta shiga wayar. Suka gaisa, ya yi tambayoyinsa, yana rubutawa a bayan littafin awo da biro. Ashe yunifom ɗin manyan azuzuwa an riga an bayar, na 'yan nazire ne ya rage, kuma telansu na bara ya makara da su har sati biyu bayan komawa. Wannan bayani ba zai taɓa samunsa daga saƙon farko ba. Da ya ga lokaci ya kusa cika, sai ya ce: "Hajiya, na ce minti goma, ba zan wuce ba. Zan ɗinka samfur ɗaya na yaro ɗan shekara huɗu in kawo ofis ranar Litinin ƙarfe tara, tare da farashi a rubuce. Ya yi?" Ta ce ya kawo, ya tambayi mai gadi a nuna masa ofishin akawu idan ba ta iso ba.