Yadda Ake Cire Hannu da Tebur Daga Hoton Takarda

A Sharabi da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo, har zuwa Tsamiya da ke bakin iyakar Binin, waya ce na'urar sikanin ta mafi yawan jama'a. Mai neman gurbin karatu zai tura sakamakon WAEC ko NECO, mai neman aiki zai tura takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, ɗan kasuwa kuma zai tura wa abokin cinikinsa na Segbana rasiɗi. Kowannensu yakan shimfiɗa takardar a tebur, ya danne ta da babban yatsa don kada iska ta ɗauke, ya ɗauki hoto. Hoton sai ya fito da tebur, da hannu, da takarda mai faɗi a ƙasa da tsukewa a sama.

Tsukewar nan karkatar waya ce ta jawo ta. Ɓangaren takardar da ya fi kusa da kyamara yakan fito babba, na nesa kuma ya ƙanƙance, kamar yadda titi ke tsukewa idan ka hango shi daga nesa. Yankan hoto na yau da kullum ba ya magance wannan, domin akwati ne miƙaƙƙe da ba ya karkata. In ka buɗa shi tebur ya saura, in ka matse shi ya ci rubutu. Abin da ake buƙata shi ne yanka mai kusurwa huɗu, wanda kowace kusurwa ake jan ta ita kaɗai. Idan ka ɗora kowacce a kan kusurwar takarda, manhaja za ta zubar da duk abin da ke wajen layin, sannan ta miƙar da na ciki ya koma kamar an kalle shi daga sama sak.

Akwai wannan yanka a sashen sikanin na Google Drive, da Adobe Scan, da CamScanner. Manhajar takan yi hasashen gefen takarda da kanta, ta nuna ɗigo huɗu da za ka iya ja da yatsa. Masu shagunan kwamfuta da ke aiki da Photoshop za su same shi da sunan Perspective Crop Tool, a ƙarƙashin Crop Tool. Kada a amince da hasashen manhaja ido rufe. Farar takarda a kan farin tebur takan rikita ta, haka ma inuwar hannu, sai ta ɗauki gefen tebur a matsayin gefen takarda. A duba ɗigon ɗaya bayan ɗaya, a ƙara girman hoton a tabbatar ya hau kusurwa daidai.

Cire tebur ba shi da wahala. Matsalar tana wurin hannu, domin yankan ba ya taɓa abin da ke cikin layi. Mu ɗauki misalin matashin da ya ɗauki hoton takardar shaidar asalinsa mai girman A4, wato faɗin milimita 210 da tsawon 297. Babban yatsansa ya rufe kusurwar ƙasa ta hagu, ya shiga cikin takardar da kamar milimita 15, farin gefen da babu rubutu kuma ya kai milimita 25.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ja ɗigon wannan kusurwa shi kaɗai zuwa ciki har ya wuce yatsa. Manhaja ba ta san an kauce wa yatsa ba. Za ta ɗauka nan ne ainihin kusurwa, ta ja wurin waje don ya daidaita da na sama. Sai ka ga farkon layukan rubutu yana zamewa hagu daga sama zuwa ƙasa, haruffan ƙasa sun fi na sama faɗi.

Hanya biyu ce mai kyau. Ta farko, a bi layin gefen hagu da layin gefen ƙasa da ido, a ajiye ɗigon a inda za su haɗu, wato a kan yatsan. Takarda za ta miƙe daidai, amma guntun yatsa zai saura a kusurwa, sai a cire shi da yanka na yau da kullum, tunda yanzu takardar a miƙe take. Ta biyu, a matsar da ɗigon hagu na sama da na ƙasa tare, ta yadda layin yanka zai tafi kafaɗa da kafaɗa da farkon layukan rubutu.

Ko wacce aka bi, faɗin takardar ya ragu daga milimita 210 zuwa 195. Idan aka tilasta wa hoton cika girman A4, zai buɗe da kusan kashi 8 cikin ɗari. Hatimi ne ke tona asirin wannan: hatimi mai da'ira sai ya koma ƙwai, fuskar da ke hoton fasfo ta yi faɗi. Don haka a bar hoton da fasalinsa, a ɗora shi kan farin shafi. Idan kuwa an samu kusurwa huɗun cikakku, a Photoshop ana iya rubuta 2480 a gurbin faɗi da 3508 a gurbin tsawo, wanda shi ne girman A4 a ɗigo 300 cikin inci guda.

Miƙarwa ba ta ƙara wa hoto kaifi. A ce gefen sama na takardar ya ci fiksel 1900 a hoton asali. Wannan kusan ɗigo 230 ne a inci, kuma ƙananan rubutu za su karantu. Amma idan an ɗauka daga nesa, gefen ya ci fiksel 900 kacal, bai wuce ɗigo 110 ba, kuma lambar takarda za ta yi dishi-dishi. Alamar karkatar da ta yi yawa ita ce ƙasan shafi ya fito tar, samansa ya yi hazo.

Akwai abin da yankan ba zai iya ba. Lissafinsa ya ginu ne kan cewa takarda a shimfiɗe take. Wadda aka naɗe a aljihu ko ta lanƙwashe, layukanta za su ci gaba da lanƙwasa ko da kusurwoyin sun zauna daidai. Inuwar hannu da ƙyallin takardar da aka lulluɓe da leda suna cikin layi, saboda haka za su zauna. Idan kuma yatsa ya hau kan sa hannu, hatimi, kwanan wata ko lamba, abin da ya rufe bai shiga hoton ba tun farko. Goge yatsan da manhaja sai dai ya bar farin wuri ko ya cike shi da ƙage, kuma a takardar hukuma wannan yana iya jawo zargin jabu. A sake ɗauka kawai. Haka nan katin shaida da fasfo, inda akan so a ga gefe huɗun duka, ba a yanke musu komai.

Wanda zai sake ɗauka ya shimfiɗa takardar a kan baƙin zane ko tebur mai duhu, a inuwa mai haske, ba tare da filasha ba. Idan tana tashi, a danne ta cikin littafi mai nauyi na ɗan lokaci, ko a liƙa bayanta da ɗan salatif. A riƙe wayar sak a saman tsakiyar shafi, a bar tazarar yatsa biyu a kowane gefe don kusurwoyi su fito. Bayan yanka a duba hatimi da layukan rubutu, a adana a matsayin PDF, a kuma ajiye hoton asali. Idan ta WhatsApp za a tura, a zaɓi Document, domin turawa a matsayin hoto takan matse shi har ƙananan lambobi su lalace.