Kafin a haɗiye ƙwaya: Abin da ke rubuce a jikin kwalin magani

A lokacin hunturu, idan mura da ciwon jiki suka kama mutum, sau da yawa kantin magani na bakin layi yake fara nufa. Zai dawo gida da farasitamol da maganin mura, wani lokaci har da na ciwon gaɓoɓi, ya jefar da kwalayen bai karanta ba. Alhali a jikin kwalin nan aka rubuta iyakar da ke tsakanin magani da guba.

Abu na farko da ya kamata ido ya nema shi ne sunan sinadarin da ke cikin ƙwayar da kuma yawansa. Akan rubuta shi da ƙananan haruffa a ƙarƙashin babban sunan da kamfani ya raɗa wa maganin. Kwalaye biyu kan bambanta a suna da launi, amma abin da ke cikinsu ɗaya ne.

A ɗauki misalin wani direba da mura ta kwantar. Da ƙarfe bakwai na safe ya sha farasitamol biyu, kowace ƙwaya miligiram 500, ya ɗora ƙwaya ɗaya ta maganin mura. Bai lura ba cewa ita ma tana ɗauke da farasitamol miligiram 500, kamar yadda da yawa daga cikin magungunan mura suke. Ke nan ya sha miligiram 1,500 a tashi ɗaya, alhali babban mutum ba ya wuce 1,000. Da ya maimaita da rana da dare, jimilla ta kai 4,500. Iyakar kuwa 4,000 ce a cikin awa 24, wato ƙwaya takwas. Ga mai ciwon hanta, ko mai ƙarancin nauyi, ko mai yawan shan barasa, iyakar ba ta ma kai haka ba.

Haɗarin shi ne farasitamol da ya yi yawa hanta yake lalatawa, kuma a ɓoye. Mutum na iya wuni garau. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama da rawayar ido irin ta shawara sukan bayyana ne bayan kwana ɗaya ko fiye. Saboda haka duk wanda ya gane ya wuce ƙa'ida, ya tafi asibiti nan take tare da kwalayen, kada ya jira alama.

Abu na biyu shi ne tazara. Idan mai kanti ya rubuta 1-1-1 a jikin leda, ko kwali ya ce sau uku a rana, abin da ya fi dacewa shi ne a raba su da kimanin awa takwas-takwas, misali shida na safe, biyu na rana da goma na dare. Farasitamol na buƙatar aƙalla awa huɗu tsakanin sha da sha. Wanda ya manta bai sha a kan lokaci ba, kada ya ninka na gaba don ramuwa.

Sai batun abinci. Ana iya shan farasitamol ko an ci ko ba a ci ba. Amma ibufurofen da dikulofenak da asfirin dangi ɗaya ne, kuma suna rage kariyar da bangon ciki yake da ita, shi ya sa ake shan su tare da abinci ko bayansa. Idan kuwa an rubuta a sha wani magani ciki ba komai, ana nufin kamar awa ɗaya kafin cin abinci, ko awa biyu bayansa.

Waɗannan dangin ukun ba a haɗa biyu daga cikinsu sai da umarnin likita. Haɗin ba ya ƙara sauƙi sosai, sai dai ya ƙara haɗarin gyambon ciki da zubar jini da lahani ga ƙoda. Baƙin bayan gida kamar kwalta, ko amai da jini, alama ce ta gaggawa. Masu gyambon ciki, ciwon ƙoda, hawan jini ko asma, da mata masu juna biyu, su tuntuɓi likita kafin su taɓa su. Ba a kuma bai wa yaro ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin sai likita ya rubuta.

A nan ne matsalar “haɗi” take, wato ƙwayoyi kala-kala da ake ƙulla wa mutum a leda. Babu suna, babu ranar ƙarewar wa'adi, babu lambar rajistar hukumar NAFDAC, don haka babu yadda mai sha zai yi lissafin abin da ya haɗiye. Mai saye na da haƙƙin ya ce a nuna masa kwalin kowace ƙwaya, ya kuma tambaya ko akwai farasitamol a ciki kafin ya biya kuɗi.