Minti Arba'in da Biyar Sun Isa Mai Neman Aiki

A gidaje da yawa akwai saurayi ko budurwa da suka gama makaranta, suna zaune da waya a hannu tun safe har dare. In an tambaye su, sai su ce aiki suke nema. Gaskiya suke faɗi, amma kuɗin data yana ƙarewa, wata yana wucewa, ba su aika takarda ko ɗaya ba. Mun lura yawancin lokacin yana tafiya ne wajen sake karanta talla guda a wurare dabam dabam.

Bari mu ba da labarin wani tsohon ɗalibinmu a Kaduna, wanda ya karanta aikin akanta. Yana cikin ƙungiyoyi 14 na WhatsApp da Telegram, yana kuwa ɓata wajen awa huɗu kowace rana. Muka zauna da shi, muka tsara masa minti 45 kowace safiya, da ƙarfe bakwai, daga Litinin zuwa Jumma'a.

Da fari muka sa tallan ya riƙa zuwa wurinsa da kansa. Ya buɗe adireshin imel sabo domin neman aiki kaɗai. A shafukan Jobberman da LinkedIn ya nemi a riƙa aiko masa da sanarwa sau ɗaya a rana. A google.com/alerts kuma ya rubuta sunan aikin yadda masu ɗaukar ma'aikata suke rubuta shi:

```
"account officer" Kaduna
```

Alamun nan biyu da suka kewaye kalmomin suna sa a nemo su tare, a jere. Sa'an nan ya zaɓi "At most once a day", wato kada saƙo ya wuce ɗaya a rana.

Ga yadda safiyarsa take tafiya. Minti goma na fari na imel ne. Minti goma sha biyar na biye na shafuka biyu ne kawai, yana duba abin da aka sa tun jiya. A LinkedIn ana yin wannan da zaɓen "Past 24 hours". Minti goma kuma na ƙungiyoyi ne. Ya kashe ƙararsu duka, ba ya kuwa bin hira daga sama har ƙasa. Sai ya taɓa alamar bincike, ya rubuta "account", ya karanta abin da ya fito kaɗai. Minti goma na ƙarshe na littafi ne.

Kowane talla yana yi masa tambaya uku. A ina aikin yake? Ina da takardun da ake bukata? Yaushe za a rufe karɓa? In amsa ɗaya ba ta yi ba, ya wuce. In duka sun yi, sai ya rubuta layi guda a littafin makaranta: sunan ma'aikata, irin aikin, inda ya ga tallan, da ranar rufewa. Ba ya cika takarda a lokacin, gama wasiƙa guda takan ci awa ɗaya, ta hana shi gama dubawa. Da yamma yakan buɗe littafin, ya fara da wanda ranar rufewarsa ta fi kusa.

Bayan mako biyu littafin ya nuna masa abin da bai sani ba. Cikin ƙungiyoyi 14 ɗin nan, uku ne kaɗai suka kawo talla da bai riga ya gani a wani wuri ba. Ɗaya ta tsofaffin 'yan ajinsu ce, gama su sukan ji labarin gurbi a ofisoshinsu kafin a buga shi. Ya fita daga sauran 11.

Ranar Asabar yakan gyara sanarwarsa. In saƙo ya yi yawa, aikin kuwa ba nasa ba ne, kalmomin sun yi faɗi, sai ya ƙara sunan gari. In mako ya wuce shiru, sun yi ƙunci, sai ya ƙara wani suna na aikin, kamar "cashier".

Sai a yi hankali da tallan ƙarya, musamman wanda aka turo daga hannu zuwa hannu. Tallan da ba shi da ranar rufewa ko sunan ma'aikata, a bar shi. Wanda ya ce a biya kuɗi kafin a kira mutum ganawa, a guje shi. In an ce aikin gwamnati ne, a je shafin hukumar da kanta a tabbatar. Adireshin yawancin hukumomin gwamnatin Nijeriya yana ƙarewa da .gov.ng.

Iyaye kuwa, maimakon mu riƙa cewa, "Har yanzu ba ka samu ba?", gara mu ce, "Kawo littafin mu gani." In layi biyar suna ciki a mako, an kuma aika takarda uku, yaron yana aikinsa. In shafin fari ne, sai mu zauna tare mu duba inda safiyar take tafiya.